Yadda ake tace sanarwar manema labarai a gano abin da aka yi

A ce wannan sanarwa ta iso teburinka daga wani banki: "A ƙoƙarinsa na ci gaba da kawo sauyi mai ɗorewa, bankin ya himmatu wajen sake fasalin ayyukansa domin inganta hidima ga abokan hulɗa, tare da haɗin gwiwar masu ruwa da tsaki." Ka karanta sau biyu, har yanzu ba ka san abin da ya faru ba. Mai karatunka ma ba zai sani ba idan ka kwafe masa ita haka.

Da farko ka karanta takardar har ƙarshe kafin ka rubuta komai. Masu rubuta irin wannan sanarwa sukan sa labari mai daɗi a sama, su tura mai ɗaci can ƙasa. A misalinmu, sai a sakin layi na shida ne aka ce za a "haɗe rassa 12 da na kusa da su daga ranar 1 ga Maris". Nan labarin yake.

Sai ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ke nuna aiki, ka raba su gida uku. Akwai abin da aka riga aka yi: ya rufe, ya biya, ya saya. Akwai abin da za a yi, an kuma sa masa rana. Akwai kuma fata kawai: ya himmatu, ya ƙuduri aniyar, yana duba yiwuwar. Gida na uku ka ajiye shi gefe, domin babu ranar da wani zai iya kama su da cewa ba su cika ba. Haka ma rattaba hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna: abin da ya faru shi ne an sa hannu a takarda, ba a gina komai ba tukuna.

Kowace babbar kalma da ta rage, ka yi mata tambaya ɗaya: da na je wurin da kyamara, me zan ɗauka? "Haɗe rassa" a hoto ƙofa ce a garƙame, da takarda a manne tana nuna wa mutane wani reshen. To, rufewa ke nan, kuma haka za ka rubuta. "Inganta hidima" kuwa ba ta da hoto, sai in an ce an ƙara awannin aiki ko an rage kuɗin caji. In ba a faɗa ba, ka cire ta.

Lambobi ma suna buƙatar a tambaye su. Rassa 12 daga cikin nawa? Idan bankin yana da 40, ya rufe kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan 400 ne, magana ta sha bamban. Ka kula da "har zuwa" da "kimanin", domin wanda ya ce zai kashe har zuwa kaza bai yi alkawarin kashe rabinsa ba.

Batun dalili shi ne inda aka fi zamewa. Dalilin da ke cikin sanarwa maganarsu ce, don haka ka jingina musu ita: "bankin ya ce". Sannan ka duba rahotonsu na shekara da sanarwoyin da suka gabata, ka ga ko ribarsu ta ragu ko mutane sun koma hulɗa ta waya. Ka kira jami'in hulɗa da jama'a da tambayoyi gajeru: waɗanne rassa ne, ma'aikata nawa ke cikinsu, ina za a kai su? Amma kada zafin tone gaskiya ya sa ka rubuta "kora" alhali ba ka tabbatar ba. Sake fasali yakan zo da sallamar ma'aikata, wani lokacin kuma canjin wurin aiki ne kawai, kuma akwai iyalan da za su karanta abin da ka rubuta hankalinsu ya tashi.

Ga yadda labarin zai fito: "Bankin zai rufe rassa 12 daga cikin 40 da yake da su, daga ranar 1 ga Maris. Ya ce yawancin masu ajiya sun koma amfani da waya. Da aka tambaye shi makomar ma'aikatan rassan, bai ba da amsa ba."

Kafin ka tura wa edita, ka karanta wa wani da bai ga sanarwar ba, ka ce ya faɗa maka wa ya yi me, yaushe, kuma wa abin zai shafa. Inda ya tsaya yana inda-inda, ka koma wa wannan jimla ka gyara ta.