Yadda ake amfani da alamar gado wajen sa wa shinkafa juriyar cutar rawayar ganye

Cutar da masana ke kira RYMV bairos ce da ke mayar da ganyen shinkafa rawaya mai dabbare-dabbare, ta tsumburar da shuka, zangarniya ta fito ba ta cika ba. Wani irin shinkafa mai suna Gigante yana ɗauke da ƙwayar gadon juriya, rymv1-2, a kan kuromozom na 4, ɗaya daga cikin zaren DNA da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. A ɗauka ana son shigar da ita cikin irin da manoman Kura da Haɗeja suka saba da shi, kamar FARO 44, ba tare da ya rasa kamanninsa ba.

Wahalar aikin ita ce wannan ƙwayar gado mai ɓuya ce: juriya ba ta bayyana sai shuka ta gaje ta daga uwa da uba duka. Shukar da ta gaji kwafi ɗaya takan kamu da cutar, don haka ido ba zai raba ta da wadda ba ta gaji komai ba. A tsohuwar hanya sai a bar kowace shuka ta yi barbara da kanta, a shuka 'ya'yanta, a goga musu ruwan ganye mai cuta, sannan a san wace ce mai ɗauke da gadon. Alama kuwa wani ɗan yanki ne na DNA da ya bambanta tsakanin iyayen biyu kuma yake tafiya tare da ƙwayar juriya, ana karanta shi daga guntun ganye.

Da farko a gwada alamar a kan iyayen biyu, domin idan sakamakonsu ya zo iri ɗaya, alamar ba ta da amfani a wannan haɗi. Daga nan a yi barbara: da yamma a datse kan furannin uwa, wato FARO 44, da almakashi, a zare mazan fure shida da ke cikin kowanne, a rufe zangarniya da jakar takarda, washegari da hantsi a kaɗa mata garin furen Gigante. A gwada tsiron da ya fito. Wanda ya nuna alamar uwa kaɗai ya fito ne daga furen da ya yi barbara da kansa, sai a tuge shi.

Sai a mayar da wannan zuriya kan FARO 44, wato a sake haɗa su barbara, a shuka misali tsiro 200. Bayan mako biyu zuwa uku a yanki ganye kamar tsawon ɗan yatsa daga kowanne, a saka cikin kwalba mai lambar da ta dace da ta tukunyarsa, a busar ko a sanyaya, a kai ɗakin gwaji don PCR, gwajin da ke ninka DNA don a karanta alamar. Kimanin 100 ne za su nuna kwafi ɗaya na juriya, sauran kuwa a zubar tun kafin dashe.

A nan ne ake rage zuriya da gaske. A matsakaici, 'ya'yan mayarwa ta farko suna da kashi 75 cikin ɗari na gadon FARO 44, ta biyu 87.5, ta uku 93.75, kuma sai an kai ta shida ake wuce 99. Amma matsakaici ne kawai, domin a cikin tsiron nan 100 akwai masu ƙasa da 70, akwai kuma 'yan kaɗan da suka haura 80. Idan aka duba su da alamomi huɗu ko biyar a kan kowane ɗaya daga kuromozom 12 na shinkafa, za a tsamo uku ko huɗu mafi kama da FARO 44, a ci gaba da su kaɗai. Da haka mayarwa uku kan kai inda shida ke kaiwa. Inda ake samun damina da noman rani, wannan ragin shekara ɗaya da rabi ne, ban da lokutan gwajin cuta da aka tsallake. Sai dai a kiyaye kada fure ya faɗo cikin sanyin hunturu, wanda ke hana shinkafa cika.

A ƙarshe a bar zaɓaɓɓun su yi barbara da kansu. Ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai gaji kwafi biyu, kuma shi ne mai juriya.

Alama na iya yaudara idan tana nesa da ƙwayar gadon. Wadda ke da tazarar 5 cM, a ma'aunin nisa tsakanin ƙwayoyin gado, takan rabu da ita a kusan shuka biyar cikin ɗari, shi ya sa aka fi son alamar da ke cikin ƙwayar kanta, ko biyu da suka sa ta a tsakiya. A ganina kuma kuskuren lamba ya fi wannan yawan ɓata aiki, don haka duk shukar da za a yi barbara da ita a sake yankar ganyenta a tabbatar. Kafin a kai iri gonar manomi dole a goga masa bairos da aka samo daga gonakin yankin, tare da iri mai saurin kamuwa a gefe don a tabbata cutar ta kama, saboda an san akwai nau'o'in bairos ɗin da ke karya juriyar Gigante.