Ka fara sabon magani jikinka ya canja? Ga yadda za ka bambance

Da farko ka duba lokaci. Rashin jituwa ta gaske, wato alaji, tana iya zuwa cikin minti kaɗan zuwa awa ɗaya bayan ka haɗiye ƙwayar, irin su amoksisilin ko kotirim da muke saya a famasi nan Garwa da Marwa, wata kuma sai bayan kwanaki.

Sai ka duba abin da ya fito. Tashin zuciya, ɗan zawo ko jiri, wannan illar magani ce kawai, kar ka yanke shan sa da kanka, ka tambayi likita ko za ka iya haɗawa da abinci.

Amma in borin jini ya feso yana ƙaiƙayi, dakata da maganin ka je asibiti ranar. In kuma leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dishe, numfashi yana fito, to wallahi babu jira, ba zancen shan manja ba ne, a hau mashin sai asibiti, allurar adiranalin a cinya ce ke ceto.

Ƙuraje da zazzaɓi da gyambon baki bayan kwanaki, shi ma asibiti. Tafi da kwalin, a rubuta sunan maganin a karnenka na asibiti.