Darasi Na 7: Karanta Takardar Sakamakon Yaro

Kowa ya fito da takardar sakamakon da na ce a zo da ita. A shimfiɗa ta a kan benci, a nemi rula ko tsinken tsintsiya. Kafin komai a duba sunan da ke sama. Na ɗanku ne? Ajinsa ne? Shekarar karatu zango uku ce, to wane zango aka rubuta?

Kashi na ɗaya: ya zo na nawa?

A sama ko a ƙasan takarda akwai lambobi biyu kusa da juna. Ɗaya matsayin yaro ce, za ku gan ta da ƙananan haruffa biyu maƙale a kafaɗarta. Ɗayar kuma yawan 'yan aji. Waɗannan biyun tare ake karanta su. A ɗora yatsa ɗaya a kan matsayi, ɗaya a kan yawan 'yan aji, sannan a buɗe baki.

Ga misali. Sani yana wata makarantar kuɗi a Pantami, ya zo na 8. Yayarsa Hauwa tana ta gwamnati a Bolari, ta zo ta 14. Mahaifinsu ya saya wa Sani takalmi, ita kuwa ta sha faɗa. To mu duba lamba ta biyu. Ajin Sani su 11 ne. A cire 8 daga 11, saura 3: yara uku kacal ya wuce. Ajin Hauwa su 72 ne. A cire 14 daga 72, saura 58. Wa ya cancanci takalmin?

Mu sake. Na nawa? Cikin mutum nawa? A cire ta farko daga ta biyu. Abin da ya rage, su ne yaran da ɗanku ya wuce. Wanda lissafin ya yi wa nauyi ya tara tsakuwa ya ƙirga, ba abin kunya ba ne, sannu a hankali hannu zai faɗa. Amma don Allah, iyayena, ku daina tsayawa a lamba ɗaya! Kullum sai na faɗa, kullum sai wani ya ɗaga takarda ya ce "ɗana na biyar" ya naɗe ta. Na biyar cikin nawa? Ku faɗa tare da ni: na nawa, cikin nawa.

Ko an gane wannan, da saura. Yaro kan zo na 3 da maki 48 idan duk ajin ba su taɓuka komai ba. Shi ya sa za mu sauka zuwa maki.

Kashi na biyu: maki da haruffa

A kwantar da rula a ƙarƙashin layin Lissafi, a bi shi daga hagu zuwa dama, kada ido ya zame zuwa layin ƙasa. Gidan farko, mai C.A. a kansa, makin gwaji da aikin gida ne. A makarantu da yawa bisa 40 ake ba da shi, jarrabawa bisa 60, wasu kuma 30 da 70. Hauwa ta samu 28 a gidan farko, 21 a jarrabawa, jimla 49 cikin 100. Tana aikin aji ke nan, a ɗakin jarrabawa take zubar da maki. Ko bita ce ba ta yi, ko lokaci ne ke ƙure mata, sai a je a tambayi malaminta.

Gaba da jimla akwai harafi da lamba. Sakandare da dama suna bin ma'auni irin na WAEC: A1 ya fara daga maki 75, C6 daga 50 zuwa 54, D7 daga 45 zuwa 49, F9 kuwa ƙasa da 40, faɗuwa ke nan. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau, kada wani ya ga 9 ya yi murna. Daga A1 zuwa C6 ake kira kiredit, kuma jami'a na neman guda biyar, har da Turanci da Lissafi. Hauwa D7 gare ta, maki ɗaya ya raba ta da kiredit. Kowace makaranta takan buga nata ma'aunin a gindin takarda, shi za ku bi.

Kashi na uku: bayanin malami

Da Turanci akan rubuta shi. A samu wani ya fassara, amma ba mai takardar ba. Malamai suna sassauta harshe. "Zai iya fin haka" nufinsa akwai ƙwaƙwalwa, wasa ne ya yi yawa. "Ba laifi" na tsaka-tsaki ne, ba yabo ba. A zango na uku, "an ɗaga shi bisa gwaji" nufinsa bai kai makin wucewa ba, alfarma aka yi masa.

Kashi na huɗu: halarta

Kwanakin da aka buɗe makaranta, da kwanakin da ya je. A cire, a ga fashinsa.

Aikin gida: Amina ta zo ta 20 cikin 65, Bala ya zo na 6 cikin 15. Yara nawa kowannensu ya wuce?