Idan An Ce Jirgi Ya Cika Alhali Tikitinka Yana Hannunka: Abin Da Za Ka Nema A Filin Jirgin Legas

Duk Bahaushen da ya zo Legas da zama, ko a Agege ya sauka ko a Idi-Araba ko a Obalende, ba zai daɗe ba sai wata lalura ta gida ta tashe shi zuwa filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, domin hanyar mota zuwa Kano tana cinye yini da dare, shi kuwa jirgi awa ɗaya da rabi ta ishe shi. Akwai wata matsala da baƙi kan ci karo da ita a can ba tare da an taɓa ba su labarinta ba: mutum ya biya kuɗinsa, ya iso a kan lokaci, sai a ce masa babu kujera. Na rubuta wannan ne saboda na sha ganin mutanenmu suna juyawa gida hannu rabbana suna cewa haka Allah Ya ƙaddara, alhali kuwa doka ta tanadar musu haƙƙi bayyananne.

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanonin jiragen sama sun san cewa a kusan kowane tashi akwai waɗanda za su sayi tikiti su ƙi zuwa, saboda haka sukan sayar da kujeru fiye da waɗanda jirgin yake da su, ranar da kowa ya hallara kuwa dole wani ya rasa. Wani lokaci kuma jirgin da aka shirya ne yake samun matsala a kawo ƙarami a madadinsa, ko a haɗe fasinjojin safe da na rana a jirgi ɗaya. Dokar Najeriya ba ta haramta sayar da tikitin da ya wuce kujeru ba, amma ta ɗora wa kamfanin nauyin abin da ya biyo baya. Wannan yana cikin Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, sashen da ya shafi kare haƙƙin fasinja, wanda aka sabunta a 2023.

Abu guda da nake so mai karatu ya riƙe shi ne bambancin da ke tsakanin wanda aka hana shiga jirgi da wanda ya makara, domin dukan haƙƙin da zan ambata a kan wannan bambanci ya rataya. Wanda aka hana shiga yana bin kamfani bashi, wanda ya makara kuwa kamfanin ne zai nemi ƙarin kuɗi a hannunsa kafin ya sauya masa rana. A idon doka, wanda aka hana shiga shi ne mai tabbataccen tikiti da cikakkun takardu, wanda ya gabatar da kansa a kantar rajistar fasinjoji kafin lokacin rufewa da kamfanin ya rubuta masa. Idan an tsayar da mutum saboda bizarsa ta ƙare, ko saboda dalilin lafiya ko na tsaro, wannan wani babi ne dabam kuma babu diyya a cikinsa.

Na ga yadda wannan bambanci yake aiki ranar da na raka ƙanin mahaifina zai koma Kano bayan ya zo duba jikokinsa. Jirginsa na ƙarfe biyu na rana ne, mun bar Agege da hantsi saboda tsoron gosulo, kuma sha biyu da 'yan mintuna muna cikin layi. Layin bai motsa ba sai can, da muka isa gaba kuma ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce an rufe, mun makara. Baba ya riga ya ɗauki jakarsa yana cewa, "Ɗana, mu tafi, kada ka yi musu da su." Na ce masa, "Baba, ku yi haƙuri ku zauna a nan, ku ba ni minti goma." Abin da ya cece mu shi ne hoton da na ɗauka na allon kantar tun shigarmu layi, wanda wayata ta rubuta lokacinsa, da kuma wasu mutum biyar da ke bayanmu waɗanda aka faɗa wa magana iri ɗaya. Da shugaban ma'aikatan ya zo ya ga hoton, sai magana ta sauya, ya amsa cewa jirgin ne ya cika. Tun daga ranar nake ba kowa shawarar ya yi rajistar tafiyarsa ta waya tun daga gida idan kamfanin yana da wannan tsari, ya adana katin shiga jirgin a wayarsa, domin mai kati a hannu yana da wuya a ce masa bai zo ba.

Kafin kamfani ya tilasta wa kowa sauka, wajibi ne ya fara neman waɗanda za su bar kujerunsu bisa raɗin kansu, a kan wata alfarma da za su daidaita a tsakaninsu. Idan ba gaggawa kake yi ba, wannan ciniki ne kamar kowane ciniki, kuma babu kunya a cikin tayawa. Sai dai ka sani cewa da zarar ka yarda, abin da kuka daidaita a kai shi ne rabonka, tare da zaɓin a mayar maka da kuɗinka ko a sa ka a wani jirgin. Saboda haka kada ka miƙa katinka sai an rubuta maka lambar sabon jirgin da lokacinsa, an kuma tabbatar maka da kujera, ba a ce ka jira a ga ko wani zai fasa ba. Idan masu sa kai ba su isa ba, a nan ne ake sauke wasu ba da sonsu ba, kuma ana fifita masu buƙata ta musamman da yaran da ke tafiya su kaɗai wajen shiga.

Wanda aka sauke ba da sonsa ba yana da abubuwa uku, kuma a tare suke zuwa, ɗaya ba ya kore ɗaya. Akwai diyya, wadda ba ta gaza kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti ba a tafiyar cikin gida, da kashi 30 cikin ɗari a tafiyar ƙetare. Akwai zaɓi, wanda naka ne ba na kamfani ba, tsakanin a mayar maka da kuɗinka ko a kai ka inda za ka a jirgi mafi kusa, ko kuma a wata ranar da ta yi maka idan akwai kujera. Sannan akwai kulawa a lokacin jira: abin sha da abinci, damar kiran waya, da otal tare da motar kai ka da dawo da kai idan jiran ya kai ga kwana.

Mu ɗauki misali domin lissafin ya fito fili. A ce ka sayi tikitin Legas zuwa Kano a kan naira 120,000, aka hana ka shiga jirgin ƙarfe biyu, aka sa ka a na ƙarfe bakwai na dare. Diyyarka naira 30,000 ce, tikitinka yana nan daram, kuma abincin da za ka ci a tsawon awa biyar ɗin a wuyansu yake. Idan kuwa sun samo maka wani jirgin da ya sauke ka a Kano bai wuce awa ɗaya da lokacin farko ba, suna da damar rage diyyar da rabi, ta koma naira 15,000. A tafiyar ƙetare wannan iyaka awa uku ce. Idan kuma ka ce ka fasa, wataƙila saboda ɗaurin auren da za ka je wa zai wuce, to naira 120,000 ɗinka za ta dawo ba tare da an cire komai ba, sannan ga naira 30,000 a kai. Wanda ya biya da tsabar kuɗi a nan take ake mayar masa, wanda ya biya ta banki ko ta intanet kuwa cikin kwana 14. A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, domin da an ce musu ga kuɗinsu sai su yi godiya su tafi, ba su san cewa mayar da kuɗi dabam, diyya dabam ba.

A bakin ƙofa, ka rage murya ka yawaita neman takarda. Ka tambayi dalilin da ya sa ba za ka shiga ba, ka nemi a rubuta shi da kwanan wata da lambar jirgi da hatimin kamfani, ka kuma nemi takardar da ke bayanin haƙƙinka, wadda doka ta wajabta musu ba duk wanda suka hana shiga. Idan an miƙo maka takardar rangwamen wata tafiya a madadin kuɗi, ka sani ba za a iya biyanka diyya da ita ba sai da sa hannunka, kuma irin waɗannan takardu sukan zo da wa'adi da sharuɗɗa, wanda ba ya yawan tafiya sai ta lalace a aljihunsa. Ka tambayi inda kayanka suke idan ka riga ka auna su, ka riƙe 'yar takardar lambarsu da kyau. Idan tikitinka na zuwa da dawowa ne, ka sa su duba cewa ba a rubuta ka cikin waɗanda ba su zo ba, domin kwamfutar kamfanoni da yawa tana soke ragowar tafiyar mutumin da aka yi wa wannan rubutu. Idan aka ƙi sauraronka, NCAA tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a cikin filin jirgin, kuma gara ka kai musu kuka tun kana wurin da shaidunka, kafin ka bi da rubutaccen ƙorafi mai ɗauke da lambar PNR, wato lambar ajiye kujera da ke jikin tikitinka, da rasit na duk abin da ka kashe.

Ga masu tafiya Turai akwai ƙarin magana. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar ko na wane kamfani ne, ta kuma shafi wanda ya tashi daga Legas zuwa can idan kamfanin na Tarayyar ne. Da yake nisan Legas da Faris ko Amstadam ya haura kilomita 3,500, diyyar yuro 600 ce, ana iya rage ta zuwa 300 idan an isar da kai bai wuce awa huɗu da lokacin farko ba. Wanda ya tashi daga Legas a jirgin kamfanin da ba na Tarayyar ba, ya bi ta Doha ko Istanbul, wannan doka ba ta rufe tafiyarsa ta zuwa ba, ƙa'idar NCAA ce tasa. Shi kuwa mai tafiya a jirgin kamfanin Turai ya yi hattara kafin ya karɓi ƙaramar diyya a Legas ya sa hannu, domin dokar ta Turai tana iya daina aiki a kan wanda ya riga ya karɓi diyya da kulawa a ƙasar da ya taso.