Yadda za ka gane irin bidiyon da ke yi maka aiki a tasharka da Pivot table

Masu tashar YouTube da yawa a nan Kano da na zauna da su a gaban laftof, wuri ɗaya suke faɗawa. Mutum ya kwashi bidiyoyinsa na shekara guda ya zuba a Pivot table, wato teburin da ke tattara bayanai rukuni-rukuni ya yi musu lissafi, ya jefa batu da tsawo da rana duk a lokaci guda, ya bar lissafin a kan SUM ko AVERAGE, sai ya tashi yana cewa ai ranar Talata ce ranarsa, alhali bidiyo ɗaya tal ya taɓa ɗorawa ran Talata kuma shi ne wanda aka yi ta turawa a guruf-guruf na WhatsApp.

Da farko ka yi aikin a Google Sheets, kar ka wahalar da kanka da Excel. Pivot table ɗin Excel ba shi da MEDIAN, wato adadin da ke tsakiya in an jera alƙaluma, a jerin lissafinsa, sai ka bi ta Data Model ka rubuta fomula da kanka, shi kuwa Sheets yana nan a cikin Summarize by kuma kyauta ne. Amma fa manhajar waya ba ta ƙirƙirar Pivot table, don haka in ba ka da laftof ka ari na wani ko ka shiga kafe, awa ɗaya ta ishe ka.

A YouTube Studio ka shiga Analytics, sai Advanced mode, ka zaɓi kwana 365, ka fitar da teburin zuwa Google Sheets. Ka tabbata akwai Video title, Video publish time, Duration da Views. Layin nan na Total da ke saman teburin ka goge shi, in ba haka ba zai shiga lissafi kamar shi ma bidiyo ne. Ka cire tsofaffin bidiyoyin da ba a cikin shekarar ka ɗora su ba, sannan ka cire duk wanda bai kai wata ɗaya da ɗorawa ba, don bai gama tara kallonsa ba tukuna.

Yanzu za ka ƙara kolum uku da hannunka: Batu, Tsawo, Rana. Na Rana fomula ce, in kwanan watan yana C:

```
=TEXT(C2,"ddd")
```

In ka ga fomular ta dawo maka da kwanan watan yadda yake maimakon Mon ko Fri, to Sheets rubutu yake ɗaukarsa ba kwanan wata ba, za ka ma gan shi ya manne a hagun akwatin. Ka sa DATEVALUE(C2) a gurbin C2. Kuma Analytics da agogon Pacific yake ƙirga rana, mu a Kano muna gabansu da awa 8 ko 9, don haka in kana ɗorawa bayan asuba ka duba bidiyo biyu-uku da ka san ranarsu ka ga ko sun koma jiya.

Duration da daƙiƙa yake zuwa, kar ka sa shi haka a Pivot table, kowane bidiyo zai zama rukunin kansa. Ka kasa shi uku kawai a kolum ɗin Tsawo, in Duration yana D:

```
=IFS(D2<=180,"1 gajere",D2<480,"2 matsakaici",TRUE,"3 dogo")
```

Na yanka a 180 ne saboda tun Oktoban 2024 Shorts yana kaiwa minti uku, 480 kuma minti takwas ke nan, inda ake fara samun damar sa talla a tsakiyar bidiyo. Lambar da ke gaban sunan don su jeru a tsare ne.

Batu kuwa babu fomular da za ta yi maka, sai ka zauna ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kar ya wuce huɗu ko biyar. Kuma don Allah ka yi Dropdown ta Data validation ka riƙa zaɓa, don wanda ya rubuta "miya" a nan, "miyar kuka" a can, wani wurin kuma "miya" da sarari a ƙarshenta, rukuni uku zai gani a teburinsa.

To ga inda nake so a tsaya sosai. Ka danna Insert, Pivot table, New sheet. A Rows ka sa Batu shi kaɗai. A Values ka sa Views ka mayar da Summarize by zuwa MEDIAN, ka sake Add a Values ɗin ka sa Video title a kan COUNTA. Wannan na biyun shi ke gaya maka bidiyo nawa ne a kowane rukuni, kuma a wajena MEDIAN da babu COUNTA a gefensa ba abin karantawa ba ne.

Mu ƙaddara wata mai tashar girki tana ɗora bidiyo biyu a sati, 104 ke nan a shekara, batutuwanta miya, kayan fulawa, abin sha, da zagayen kasuwa kamar in ta je 'Yankaba duba farashin kayan miya. Na abin sha guda bakwai ne, kallonsu 800, 950, 1,100, 1,200, 1,400, 1,900, sai na kunun aya da ta ɗora ana gobe azumi ya tashi zuwa 41,000. AVERAGE zai ce 6,907, adadin da shida daga cikin bakwan nan ko kusa da shi ba su je ba. MEDIAN jera su yake yi daga ƙarami zuwa babba ya ɗauki na tsakiya, wato 1,200, kuma shi ne abin da za ta sa rai in ta sake yin na abin sha a ranar da ba azumi. In na miya guda 40 ne, AVERAGE ɗinsu 2,900, MEDIAN 2,600, kun ga wadda ta bi AVERAGE za ta ajiye tukunyar miya ta koma zoɓo da kunun aya, alhali miyar ce take ninka abin sha sau biyu a kowane sati. Duk inda ka ga AVERAGE ya yi wa MEDIAN nisa haka, danna akwatin sau biyu, Sheets zai buɗe maka bidiyoyin da ke ciki ka ga wanda ya ja lissafin.

Yanzu dalilin da na hana zuba ukun a tare. Batu huɗu sau tsawo uku sau rana bakwai, akwati 84 ke nan, ga bidiyo 104, yawancin akwatunan ɗaya ko biyu za su samu wasu ma fayau. MEDIAN na bidiyo ɗaya ai kallon bidiyon ne kawai. Ƙa'idata ita ce rukunin da bai kai biyar ba ba na ko kallonsa, wanda bai kai goma ba kuma ba na canza tsarin aiki saboda shi.

Don haka teburi uku daban za ka yi, na Batu, na Tsawo, na Rana. A na Tsawo kar ka gwada gajere da dogo kai tsaye, yadda ake ƙirga kallon Shorts daban ne, sai ka sa Tsawo a Filters ka cire "1 gajere" kafin ka kwatanta batutuwa.

Na Rana shi ya fi yaudara. A ce Juma'a ta fito da 2,700 sauran ranakun suna wajen 1,500, kafin ta ce mutane sun fi kallo bayan an sauko daga masallaci, ta sa Batu a Filters ta bar miya kaɗai. In miyar Juma'a da miyar Litinin sun zo kusa da juna, to ba ranar ba ce, ita ce ta saba ɗora miya ran Juma'a. In kuma ranakun sun yi ƙanana da yawa ka haɗe su gida biyu, Litinin zuwa Alhamis da Juma'a zuwa Lahadi. Bidiyoyin azumi da na sallah ka ba su kolum ɗinsu mai eh ko a'a, ka duba teburin da su, ka sake dubawa babu su.