Kafin ku danna mahaɗin "kayanku sun maƙale"

Jama'a, idan imel ya shigo wai daga DHL, yana cewa kayanku sun maƙale sai kun biya kuɗin kwastan, kada sunan da ke sama ya ruɗe ku. Kowa na iya rubuta DHL a wurin. Ku taɓa sunan, ainihin adireshin zai fito. Abin da ke bayan alamar @ shi ne abin dubawa: dhl.com daban, dhl-parcel-pay.top daban.

Mahaɗin kuwa, ku ɗora yatsa a kai ku riƙe, kada ku danna. A adireshin da ya bayyana, ku nemi layin / na farko bayan https://, ku karanta abin da ke dab da shi ta hagu. Idan kun ga dhl.com.track-pay.top/ to gidan track-pay.top za a kai ku, dhl.com ɗin ado ne kawai. Nan ne akasari ake cin mutane.

Mai kwamfuta ya buɗe saƙon a Gmail, ya danna ɗigo uku, ya zaɓi Show original. Idan DMARC, wato gwajin da ke duba ko da gaske saƙon daga adireshin da ke kansa ya fito, ya nuna FAIL, a share. PASS ma ba wanke shi ya yi ba, ɗan damfara na samunsa da adireshin da ya yi wa rajista da kansa.

Lambar bin sawun kaya kuma, ku rubuta ta da hannunku a shafin kamfanin.