Kurakuran da ke ɓata busasshen tumatir kafin ya kai hannun mai saye

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani ya cika kasuwa daga gonakin Kadawa da Kura da Ɗanja, kuɗin kwando kan faɗi ƙasa warwas. A lokacin ne mata da yawa kan yi shawarar shanya shi su ƙulla a leda, su sayar wa mutanen birni idan damina ta faɗi ya yi tsada. Shawarar tana da kyau, amma yawancin masu farawa danshi ne ke cinye musu jari.

Ni ma haka ya yi mini a karon farko. Na kwashe shanyata da la'asar, tana da ɗumin rana, na zuba a leda na liƙe nan take don kada ƙura ta shiga. Bayan kamar mako biyu mai kantin da na kai wa ya dawo mini da kusan rabi: cikin ledar ya yi gumi, yankakken tumatirin ya yi laushi, fumfuna fara ta hau gefensa. Leda ba ta busar da komai, abin da kika rufe a ciki shi take riƙewa. Kaya mai ɗumi yana ci gaba da fitar da tururi, tururin ya kwanta a jikin leda ya koma ruwa.

Gyaran ba shi da wuya, sai dai haƙuri. Ki kwashe shanyar, ki baza a ɗaki mai iska ta huce sarai. Ki ɗauki yanki mafi kauri ki matsa tsakanin yatsu. In ya manne a hannu ko tsakiyarsa na da taushi, bai yi ba, ya koma rana. Sannan ki cika busasshiyar kwalba mai murfi zuwa rabi, ki rufe, ki ajiye kwana uku ko huɗu kina girgizawa kullum. Kika ga raɓa a jikin kwalbar, ko yankan sun dunƙule, to kada ki soma ƙullawa. Wanda ya riga ya yi fumfuna kuwa zubarwa ake yi, kada a goge shi a sake shanyawa a kai wa bayin Allah su zuba a miya.

Asalin matsalar sau da yawa daga yanka take. Tumatir mai ruwa-ruwa da aka raba biyu kawai, bayansa kan bushe cikinsa na ɗanye. Ki nemi dogon nan mai tsoka da 'yan kasuwa ke kira UTC, wanda ya nuna amma bai lugwigwice ba, ki yanka shi fale-fale, kaurinsa daidai da juna. Wanda ya fara ruɓa, komai arahar sa, baƙi zai yi a shanya.

Sai kuma ƙasa. Kauɗar da ake shanyawa a dandaryar ƙasa ko bakin titi ita ta sa matan birni da dama ke gudun busasshen tumatir, domin duk wankin da za a yi masa sai an ji ƙas-ƙas a haƙori. Abin da kike sayarwa a leda shi ne tsabta. Ki ɗora shanyar a kan gadon katako mai raga, ya kai kamar ƙugu daga ƙasa, ki lulluɓe da gidan sauro mai tsabta saboda ƙuda da ƙurar hunturu, ki shigar da ita ɗaki da magariba.

Lissafi ma yana kayar da mutane. Tumatir kusan duk ruwa ne, fiye da kashi 90 cikin 100. In kika yanka kilo 30, abin da za ki kwasa bayan ya bushe ba zai wuce kilo 2 da wani abu ba, wato ƙulli kamar 20 masu nauyin giram 100. A kan waɗannan ƙulli 20 za ki raba kuɗin tumatir, da na mota, da na leda da takardar shaidar da ake liƙa wa ledar, da ladan masu yanka, kafin ki sa riba. Wadda ta yanke farashi da ido, tana kallon tulin ɗanye, ita ce ke sayarwa a faɗuwa ba ta sani ba. Ki sayi ƙaramin sikeli, ki daina auna da gwangwani.

Farar ledar ƙullin ƙanƙara ba ta dace ba: siririya ce, gefen tumatir mai tsini yana huda ta, danshin damina ya shiga. Ki yi amfani da mai kauri, ki liƙe bakinta da injin liƙi, ki danna ƙullin a tafin hannu ki ji ko iska na fita. Ki rubuta nauyi da ranar da kika ƙulla, ki kuma roƙi mai kanti kada ya rataye shi inda rana ke dukansa, don jan launin yana dusashewa. Idan kina son shiga manyan kantuna, za su tambaye ki lambar rajistar NAFDAC, don haka ki fara neman ta tun kafin ki buga takardar shaida da yawa.